Ƙyallin da ke gilmawa a gani: shekara 200 ana tambayar daga ina yake fitowa

A shekarar 1824 William Hyde Wollaston, masanin sinadarai a Landan wanda tun farko ya karanci likitanci, ya ba ƙungiyar masana ta Royal Society labarin wani abu da ya same shi fiye da shekara 20 kafin lokacin. Ya ce ya haɗu da wani mutum a hanya sai ya ga rabin fuskarsa kawai yake gani. Ya ɗaga kai ya karanta sunan Johnson da aka rubuta a saman wata ƙofa, sai haruffa uku na ƙarshe kaɗai suka fito, na farkon sun ɓace. Bayan kamar minti 15 ganinsa ya dawo daidai. Da wani ne, da ya murje ido ya wuce. Shi kuwa ya tsaya ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya sake dubawa, ya tarar duk idon da ya buɗe ɓarin hagu ne ba ya gani. Daga nan ya yanke cewa laifin ba na ido ba ne, domin cuta ɗaya ba za ta kama idanu biyu a lokaci guda, a gefe guda, da awo guda ba. Dole abin ya faru ne a can ciki, bayan wurin da jijiyoyin idanun biyu suka haɗu.

Haɗuwar jijiyoyin nan tsohon sani ce. Ibn al-Haisam ya yi bayaninta a Kitabul Manazir da ya rubuta a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, kuma Isaac Newton ya yi hasashe a 1704 cewa rabin zaren kowace jijiya ne ke tsallakawa ɗaya gefen. Abin da hakan ke nufi shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta raba aikin gani ido-ido. Ta raba shi ne gefe-gefe. Ɓarin ƙwaƙwalwa na dama yana ganin duk abin da ke hagun mutum, da idon dama da na hagu baki ɗaya, ɓarin hagu kuma yana ganin abin da ke dama. Duk hukuncin da likita ke yankewa yau a kan ƙyallin da ya gilma wa mutum, a kan wannan tsarin ya tsaya. In abin na ido ɗaya ne, a nemi dalilinsa a cikin idon ko a jijiyar jinin da ke shayar da shi. In na gefe ɗaya ne a idanu biyu, a nufi ƙeya, inda ɓangaren gani na ƙwaƙwalwa yake.

Wollaston duhu ya gani. Wanda ya kafa tarihin ƙyallin kansa wani matashin likita ne, Hubert Airy, ɗan George Airy babban masanin taurari na gidan sarautar Ingila, wanda shi ma abin yana zuwar masa. Kafin su, John Fothergill ya riga ya faɗa a 1778 cewa masu ciwon ɓarin kai kan ga wani haske mai kusurwoyi irin na ginin yaƙi kafin kan ya fara sara. Amma Hubert Airy ne a 1870 ya zauna ya zana abin mataki-mataki, da launi, ya kuma lura da lokacin da kowane mataki ke ci. Yana farawa ne da ɗan tabo kusa da tsakiyar gani, inda harafin da mutum ke kallo zai ɓace. Sai tabon ya buɗe ya zama rabin zobe, gefensa na waje layi ne mai karya-karya yana ƙyalli yana rawa, cikinsa kuma dishi-dishi. Zoben yana faɗaɗa a hankali zuwa gefe ɗaya, kusurwoyin suna ƙara girma yayin da suke nisa da tsakiya, har ya fice daga filin gani bayan minti 20 zuwa 30. Airy ya kwatanta shi da gari mai ganuwa da aka hango daga sama, irin ganuwar Turai mai ƙuryoyi masu tsini. Ya kuma tabbatar da abin da Wollaston ya gani: ko wane ido ya rufe, zanen bai canja ba. Ya ce a ƙwaƙwalwa abin yake, kuma abin da yake gani hoton wani aiki ne da ke gudana a cikinta.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma zamanin bai karɓe ta gaba ɗaya ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. A 1851 Hermann von Helmholtz ya fitar da madubin leƙa cikin ido. Karo na farko ke nan da likita ya iya ganin retina a idon mai rai, wato siririn tantanin nan da ya shimfiɗe bangon ido ta ciki, wanda haske ke sauka a kansa. Cikin ƴan shekaru aka ga abubuwan da a da sai dai zato: retinar da ta yage, retinar da ta ɓanɓaro daga bangon ido ta kumburo, sannan a 1859 Albrecht von Graefe a Balin ya ga jijiyar jinin retina da wani gudan abu ya toshe ta, idon ya makance nan take. Wanda ya samu sabon kayan aiki, komai sai ya so ya auna da shi. Likitocin ido suka fara cewa ai ƙyallin masu ciwon ɓarin kai ma daga nan yake, jijiyoyin retina ne ke tsukewa na ɗan lokaci su saki. A Faris, Xavier Galezowski da Jean-Martin Charcot suka yaɗa laƙabin ciwon ɓarin kai na ido. Laƙabin ya zauna, har yau likitoci da marasa lafiya suna faɗinsa, kuma ya jawo ɓarna, domin yana haɗa abu biyu a jaka ɗaya: ƙyallin ƙwaƙwalwa da ke da yawa kuma galibi ba ya cutarwa, da ɗaukewar ganin ido ɗaya wadda ke iya zama gargaɗin babbar masifa.

Haka aka yi ta ja-in-ja. Edward Liveing a littafinsa na 1873 ya ce wata guguwa ce ke tashi a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, Peter Latham na Kambirij kuma ya ce jijiyoyin jini ne ke tsukewa sannan su saki. Ra'ayin jijiyoyin jini ne ya yi rinjaye na dogon lokaci, musamman bayan ayyukan Harold Wolff a Amurka daga shekarun 1930. Abin da ya warware kullin ya zo ne ta hanyar da ba a zata ba, wato fagen fama.

Tatsuji Inouye, likitan ido ɗan Japan, ya duba sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu a yaƙin Rasha da Japan, ya buga sakamakon a 1909. Gordon Holmes ya yi irin wannan aikin a kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kowannensu ya auna inda harsashi ya bi, ya auna ɓangaren ganin da sojan ya rasa, a hankali taswira ta fito. Filin ganin mutum a shimfiɗe yake a ƙeyar ƙwaƙwalwa bi da bi, tsakiyar gani a can ƙarshen baya, gefen gani kuma a gaba-gaba. Rabon ba daidai ba ne: ɗan tsakiyar gani ya cinye fili mai faɗi, gefen gani duk da yalwarsa an cushe shi a ɗan wuri.

Da wannan taswirar Karl Lashley ya yi lissafin da ya rage ana ambatonsa har yau. Masanin halayyar ɗan Adam ne a Harvard, kuma ƙyallin yana zuwar masa ba tare da wani ciwon kai ba. Duk sanda ya fara, sai ya kafa ido a kan ɗigo ɗaya a takarda, ya riƙa zana inda gefen zoben ya kai bayan kowane ɗan lokaci. A 1941 ya buga cewa in aka mayar da zanen kan taswirar ƙwaƙwalwa, abin yana tafiya ne da gudun milimita 3 a minti ɗaya ko ƙasa da haka. Lissafin a fili yake. Tsawon ɓangaren gani daga baya zuwa gaba bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba, kuma abin da ke cin milimita 3 a minti zai gama shi cikin kusan minti 20. Ga dalilin da ya sa ƙyallin yake ɗaukar minti 20 ba daƙiƙa 2 ba. Ga kuma dalilin da ya sa zoben yake ƙara girma da sauri in ya nufi gefe: gudun bai canja ba, sai dai milimita ɗaya a gaban taswirar ta ƙunshi filin gani mai faɗi fiye da milimita ɗaya a bayanta.

Lashley bai san mene ne ke tafiyar ba. Shekara uku bayan haka, a 1944, wani ɗalibi ɗan Brazil a makarantar likitanci ta Harvard, Aristides Leão, yana binciken farfaɗiya a ƙwaƙwalwar zomaye, sai ya ga abin da bai nema ba. In ya tsokani wuri ɗaya, maimakon wutar ƙwaƙwalwar ta haukace sai ta yi tsit, shirun kuma ya riƙa yaɗuwa ta kowane gefe da gudun kusan milimita 3 a minti, sannan wurin ya farfaɗo bayan ƴan mintoci. Sai a 1958 Peter Milner a Kanada ya rubuta gajeriyar takarda yana nuna cewa lambar Lashley da ta Leão ɗaya ce. Yanzu an san cewa a bakin wannan igiyar ƙwayoyin jijiya suna harba saƙo gaba ɗaya na ɗan lokaci, shi ne ƙyallin, bayanta kuma su yi laushi su yi shiru, shi ne dishi-dishin da ke bin sa a baya. Kusurwoyin ma suna da bayani. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna tun daga 1959 cewa ƙwayoyin wannan ɓangaren kowacce da irin karkatar layin da take amsawa, don haka in igiya ta ratsa su a jere, gajerun layuka masu karkata daban-daban mutum zai gani. Retina ba ta da irin wannan jerin ƙwayoyin. A ganina wannan ce hujja mafi amfani ga likitan da ke zaune da marar lafiya, domin tana nufin cewa layi mai kusurwoyi da ke tafiya a hankali ba aikin retina ba ne tun asali.

Gani da ido ya zo daga baya. A 1981 Jes Olesen da abokan aikinsa a Kopanhagen suka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar masu ciwon, suka ga raguwar jinin tana farawa daga ƙeya tana rarrafawa gaba a hankali, ba ta kuma bin iyakar kowace babbar jijiyar jini. Da tsukewar jijiya ce sanadi, da raguwar ta tsaya a yankin da jijiyar ke shayarwa. A 2001 Nouchine Hadjikhani da tawagarta a Boston suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum uku da na'urar maganaɗisu suna cikin ganin ƙyallin, aka ga igiyar tana tafiya da gudun kusan milimita 3.5 a minti. Zanen da Airy ya yi da hannu shekara 131 kafin nan bai kauce ba.

Wannan ɓangaren ƙwaƙwalwa ke nan. A ɓangaren ido labarin ya bi wata hanya, kuma can ne jinkiri ke jawo makanta. Har zuwa farkon ƙarni na 20, wanda retinarsa ta ɓanɓaro kusan babu abin da za a yi masa, don haka bambance hasken ido da na ƙwaƙwalwa bai sauya makomar kowa ba. Jules Gonin na Lausanne a Suwizalan ne ya canja haka. Ya nace cewa yagewar da ake gani ita ce sanadin ɓanɓarewar, ba sakamakonta ba: ruwa ne ke bi ta ramin ya shiga ƙarƙashin tantanin ya ɗaga shi. In aka gano ramin aka like shi da ƙarfe mai zafi, retina za ta kwanta. An daɗe ana yi masa kallon mai taurin kai, sai a babban taron likitocin ido na duniya a Amsterdam a 1929 aka sallama masa, ganin kusan rabin waɗanda ya yi wa aikin sun samu ganinsu. Daga ranar tambayar ta zama ta gaggawa: wace alama ce ke nuna retina ta yage kafin ta ɓanɓaro?

A 1935 Robert Foster Moore a Landan ya bayyana wani haske da masu matsakaicin shekaru da tsofaffi ke kawo kukansa. Walƙiya ce mai saurin gaske, a gefen ido ta wajen kunne, galibi a tsaye, an fi ganinta a duhu ko in an juya ido da sauri, kuma sau da yawa tana zuwa tare da baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo. Moore ya ɗauka ba ta da illa. A 1941 Frederick Verhoeff a Boston ya danganta ta da ruwa mai kauri da ya cika cikin ido. Da shekaru wannan ruwan yana narkewa ya tsuke, ya saki bangon ido, kuma yayin da yake saki yana fisgar retina. Retina ba ta jin zafi, duk abin da ya taɓa ta haske take kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Moore ya yi gaskiya a kan mafi yawan mutane, domin galibi ruwan yana rabuwa lafiya. Amma inda ya manne sosai, fisgar tana yaga tantanin. Nazarin da Hussein Hollands da abokansa suka tattara a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2009 ya nuna cewa cikin masu zuwa da sabuwar walƙiya ko sababbin ɗige-ɗige, kusan kashi 14 cikin 100 an same su da yagewa, kuma cikin waɗanda aka duba ba a ga komai ba, kusan 3 cikin 100 sun yage cikin mako shida. Yagewar kan kasance can gefe, inda madubin Helmholtz bai kai ba. Madubin da ake ɗaurawa a goshi, wanda Charles Schepens ya ƙera a tsakiyar shekarun 1940, shi ya buɗe wannan lungu. A 1949 kuma Gerd Meyer-Schwickerath a Hamburg ya like retina da hasken rana da ya tattara da madubai, abin da ya zama kakan aikin leza na yau.

Akwai abu na uku, wanda ba ƙyalli ba ne amma ana yawan cakuɗa shi da su. A 1952 Charles Miller Fisher, likitan jijiyoyi ɗan Kanada, ya lura cewa wasu masu shanyewar ɓarin jiki sun ba da labarin cewa kafin ta same su ido ɗaya ya riƙa ɗaukewa na ƴan mintoci, kamar an sauke labule, sannan ya dawo. Idon kuma yana ɗaya gefen ne, ba gefen da ya shanye ba. Ya danganta haka da cushewar babbar jijiyar wuya, wadda ke shayar da ido da ƙwaƙwalwar gefe guda. A 1961 Robert Hollenhorst ya nuna ƴan ɓarɓashin kitse masu sheƙi a maƙale a jijiyoyin retina, waɗanda suka ɓallo daga can. Shi dai Fisher ɗin ne ya dawo a 1980 ya ja birki ta ɗaya ɓangaren. Ya nuna cewa mutanen da suka haura 40 kan fara ganin ƙyalli mai kusurwoyi ba tare da ciwon kai ba, a tsorata a ce bugun jini ne, alhali tafiyarsa a hankali da haskensa sun nuna ɗan gidan ciwon ɓarin kai ne. Ƙa'idar da ya bari tana da sauƙin riƙewa. Ƙarancin jini yana faɗowa ne gaba ɗaya kuma yana ɗauke gani, igiyar Leão kuwa tana rarrafawa kuma tana ƙara wa gani abin da babu shi.

Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta rubuta waɗannan a matsayin ma'auni a 1988, ta sabunta a 2004 da 2018. Alamar gani ta ciwon ɓarin kai tana yaɗuwa a hankali cikin minti 5 ko fiye, tana ɗaukar minti 5 zuwa 60, tana washewa sarai, ciwon kai kan biyo cikin awa guda ko kuma kada ya zo. An bar gurbi ga ciwon ɓarin kai na retina, mai kama ido ɗaya tak, amma da sharaɗin a tabbatar ido ɗayan ne kuma a kore sauran dalilai. A 2007 Donna Hill da wasu likitocin jijiyar ido a Amurka suka bi rahotannin mutum 142 da aka buga da wannan sunan, suka tarar 5 ne kawai suka cika sharuɗɗan. Saboda haka in aka ce wa wanda ido ɗaya ke ɗauke masa ai ciwon ɓarin kai ne na ido, ba tare da an duba jijiyar wuyansa da zuciyarsa ba, ni ina ganin an yi gaggawa.

A ɗauki misalin mutum biyu da suka zo asibitin ido da safiya ɗaya, kowa yana cewa haske yake gani a idon dama. Ta farko tela ce mai shekara 34. Likita ba zai fara da madubi ba, zai ce ta ba shi labari daga farko. Ta ce tana saka zare a allura sai kunnen allurar ya ɓace, sannan wani abu mai ƙyalli kamar haƙoran zarto ya buɗe ta dama yana girma, ta ajiye ɗinkin ta zauna, kafin a kira La'asar ya wuce, kanta ya yi nauyi har dare. Ya tambaye ta ko ta rufe ido ɗaya ta gwada. Ta ce ta rufe duka biyun ma, abin yana nan yana rawa. Ya miƙa mata takarda ta zana, ta zana rabin zobe mai karya-karya buɗe ta hagu. Ya tambayi tsawon lokacin, ta ce kamar minti 25, kuma an taɓa yi mata haka bara, a wancan karon ta hagu ne. Kafin ya taɓa idonta ya riga ya san idon dama da ta faɗa gefen dama take nufi, kuma igiyar ta bi ɓarin ƙeyarta na hagu ne. Sauyin gefen ma alama ce mai kwantar da hankali. Zai duba idon duk da haka, ya auna hawan jini, sannan ya yi tambayar da ake yawan mantawa: tana shan ƙwayar tazarar haihuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'in da ke ɗauke da sinadarin istirojin cikin waɗanda mace mai irin wannan ƙyallin ba za ta sha ba, saboda haɗarin bugun jini yana ƙaruwa. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita.

Na biyu direba ne mai shekara 58, mai gilashin ganin nesa mai kauri tun yana saurayi. Nasa hasken ba shi da siffa. Walƙiya ce ta ƙiftawar ido, a gefen idon dama, ya fi ganinta in ya fito sallar Asuba ko ya waiga da sauri, tana ta maimaituwa tun shekaranjiya. Jiya kuma ya ga baƙaƙen ɗige-ɗige da yawa da wani abu kamar saƙar gizo-gizo, in ya rufe idon dama duk sai su ɓace. Wannan ba a ba shi ranar dawowa, a ranar ake duba shi. Za a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, a jira kamar minti 20 zuwa 30, a gaya masa kada ya tuƙa mota sai ganin ya washe. Likita zai fara duba ruwan bayan ido ko akwai ƴan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa suna yawo, waɗanda ake kira ƙurar taba, domin ganinsu kusan yana nufin akwai yagewa. Sannan ya ɗaura madubin goshi ya zagaye gefen retina gaba ɗaya, yana ɗan danna fatar ido don lungunan su fito. In ya ga yagewa kuma tantanin bai ɗago ba, leza a kewayenta cikin ƴan mintoci ta wadatar. In aka bar irin wannan yagewar mai alamu, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi sukan kai ga ɓanɓarewa. In kuwa direban ya ce wata inuwa ta fara shigowa daga gefe ba ta tafiya, to ruwa ya shiga ƙarƙashi, sai tiyata, kuma ana tsere ne a yi ta kafin ya kai tsakiyar retina, domin ganin da ake karatu da gane fuska da shi ba ya cika dawowa yadda yake in wurin ya ɗago. In ba a ga komai ba, zai dawo cikin ƴan makonni, ko nan take in ɗige-ɗigen sun ƙaru.

A ƙasashenmu akwai ƙarin tambaya da littattafan Turai ba su cika sa ta a gaba ba, ita ce rukunin jini na sikila. Masu SC, waɗanda sukan fi masu SS ƙoshin lafiya har wasu ba su san suna da shi ba, su ne suka fi samun tsirowar gurɓatattun jijiyoyi a gefen retina, masu zubar da jini a cikin ido ko su ja tantanin. Nau'in C ya fi yawa a Afirka ta Yamma, musamman Burkina Faso da arewacin Gana. Saurayi ɗan shekara 25 da ya ga ɗige-ɗige kwatsam a ido ɗaya, ƙuruciyarsa ba ta wanke shi ba, haka ma mai ciwon suga da wanda aka yi wa aikin yanar ido ko ya taɓa buguwa a ido.

Ma'aunin yana da inda yake gazawa. Gwajin rufe ido ɗaya ya dogara ne da mutum ya tuna ya yi shi abin yana faruwa, kuma mafi yawan mutane ba sa yi, sai su kira gefen dama idon dama saboda idon dama ne ya fi faɗin gani ta wannan gefen. Ko an yi gwajin ma, walƙiyar retina ba ta ɓacewa don an rufe fatar ido, tunda ba daga waje take zuwa ba, don haka siffa da tsawon lokaci sun fi gwajin ƙarfi. Farfaɗiyar ƙeya ma tana kawo haske a idanu biyu, amma nata ƙananan da'irori ne masu launi da ke zuwa su wuce cikin daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa uku. Sannan igiyar Leão ba ciwon ɓarin kai kaɗai ke tayar da ita ba. Ƙari, ko dunƙulen jijiyoyin jini da aka haifi mutum da shi, ko ɗan gudan jini, duk suna iya kunna ta, a ga ƙyalli irin na Airy sak. Shi ya sa likita ke neman hoton ƙwaƙwalwa in ƙyallin kullum gefe ɗaya yake zuwa bai taɓa sauyawa ba, ko ya wuce awa guda, ko ya bar gurbi a gani bayan ya tafi, ko ya zo da raunin hannu ko sarƙewar harshe, ko ya fara a karon farko bayan shekara 50. Wanda ya haura 50 kuma ganin ido ɗaya ya ɗauke masa tare da sabon ciwon kai a gefen goshi da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, gwajin jini ake yi masa a ranar, saboda kumburin jijiyoyin gefen kai na iya makantar da idanu biyu cikin kwanaki in ba a fara magani ba.